Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Kwamishinan Lafiya Na Jihar Nasarawa: Wa Ya Yarda A Yi Bincike Kan Yaran Agwada?

Mai Girma Kwamishina,

Wannan wasiƙa ta fito ne daga Agwada, a ƙaramar hukumar Kokona, can ɓangaren Keffi, kuma magana ɗaya ta ɗauko: yadda masu bincike ke rubuta sashen izinin kwamitin ɗa'a da sashen yardar jama'a, idan binciken ya shafi yara ko iyayen da ba su yi nisa a karatun boko ba.

Wanda duk ya saba buɗe kundin digiri ko rahoton binciken lafiya ya san layuka biyun nan da ake tsugunnarwa a ƙarshen babi na uku. Na farko ya ce an samu izini daga kwamitin ɗa'a. Na biyu ya ce an samu yardar duk waɗanda suka shiga. Shi ke nan, sai a wuce zuwa alƙaluma. Ba a faɗi wane kwamiti ba, ba lamba, ba kwanan wata. Ba a faɗi wa aka tambaya ba, uban yaro ne ko shugaban makaranta, da wane harshe aka yi masa bayani, wa yake wurin, mutum nawa suka ce a'a. Mai karatu ba shi da hanyar gane ko an zauna da iyaye an yi musu bayani har suka gamsu, ko kuwa an jera yara ne kawai a filin makaranta an miƙa musu kwalabe.

Arewa ta taɓa biyan farashin irin waɗannan layuka, kuma labarin na Kano ne.

A 1996 annobar sanƙarau ta barke a Nijeriya, ta hallaka mutane sama da 11,000. Ana cikin haka, a farkon watan Afirilu, ma'aikatan kamfanin Pfizer suka sauka a Asibitin Zana na Kano, inda ake kwantar da masu cututtuka masu yaɗuwa, don gwada wani sabon magani mai suna Trovan. Yara kusan 200 aka saka a gwajin. Rabi aka ba su Trovan, rabi kuma aka ba su seftiriyazon, maganin da aka riga aka sani. Yara 11 suka rasu, biyar daga ɓangaren Trovan, shida daga ɗaya ɓangaren, wasu kuma suka tashi da kurumta ko shanyewar jiki. Kamfanin ya tsaya a kan cewa cutar ce ta jawo haka, domin sanƙarau kan bar irin wannan tabo ko da an yi magani. An daɗe ana ja-in-ja a kan wannan, kuma ba shi ne abin da wannan wasiƙa ta zo warwarewa ba. Takardu biyu ne abin dubawa.

Ta farko ita ce takardar izini. Kamfanin ya riƙe wata wasiƙa mai ɗauke da kwanan watan 28 ga Maris, 1996, wadda ta nuna cewa kwamitin ɗa'a na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya amince da gwajin. Bayan jaridar Washington Post ta tono labarin a Disamban 2000, shugaban asibitin, Dakta Sadiq Wali, ya shaida mata cewa a lokacin da ake magana asibitin bai ma kafa kwamitin ɗa'a ba. Daga baya aka rubuta wasiƙar, aka mayar da kwanan wata baya.

Ta biyu kuwa babu ita sam. Ba a gabatar da takardar yarda mai sa hannu ko dangwalen iyaye ba. Kamfanin ya ce ma'aikatan jinya sun yi wa iyaye bayani da Hausa, sun kuma amince da baki. Iyayen da suka kai ƙara suka ce ba wanda ya gaya musu cewa gwaji ake yi, ba kuma wanda ya gaya musu cewa a harabar asibitin nan akwai likitocin ƙungiyar agaji ta MSF da ke ba da sanannen magani kyauta. Magana ta zama ta wannan ya ce, wancan ya ce, ba shaida, ba rubutu, ba muryar da aka naɗa. Gwamnatin Kano ta kai ƙara a 2007, aka sasanta a 2009 a kan dala miliyan 75 ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba. Sai a 2011, shekara 15 bayan gwajin, iyalai huɗu na farko suka karɓi diyya, bayan an yi musu gwajin ƙwayoyin halitta don tabbatar da cewa 'ya'yansu ne aka saka. A tsakanin nan kuma, lokacin da Kano ta dakatar da allurar shan inna daga 2003 zuwa 2004, sunan Trovan yana cikin abin da mutane suka riƙa kafa hujja da shi.

Bayan wannan ne ƙasa ta gyara zama. An samu Kwamitin Ɗa'ar Binciken Lafiya na Ƙasa, wanda ya fitar da kundin ƙa'idojinsa a 2007, sannan Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ba shi gindin zama, ta kuma wajabta rubutacciyar yardar iyaye ko waliyyi kafin a yi bincike kan yaro. Kundin na 2007 ya san ƙasar da aka rubuta shi dominta. Ya ce kada bayanin ya fi ƙarfin wanda ya yi shekara tara a makaranta, kada takardar yarda ta wuce shafi takwas, kuma ga wanda ba ya iya sa hannu ya yarda da dangwalen yatsa ko naɗar murya a gaban shaida. Ke nan, ranka ya daɗe, doka ba ta yi ƙaranci ba. Inda gizo ke saƙar shi ne tsakanin abin da aka rubuta wa kwamiti a Lafiya ko Keffi da abin da ke faruwa a ƙarƙashin bishiyar mangwaro a ƙauye.

A ɗauki misali, don maganar ta sauko ƙasa. A ce wata ɗalibar digiri na biyu tana son gano yawan tsargiya a tsakanin 'yan firamare a Agwada da ƙauyukan da ke kewaye. Bincike ne mai amfani; tun ƙarshen shekarun 1990 Cibiyar Carter take aiki da jihohin Filato da Nasarawa a kan wannan cuta. A ce yara 300 take so, daga shekara 6 zuwa 15. Kowane yaro za a ba shi kwalba ya kawo fitsari tsakanin ƙarfe goma na safe da biyu na rana, lokacin da ƙwan tsutsar ya fi fita. Za a tace mililita 10, a duba a madubin likita, a ƙirga ƙwai. Za a tambayi yaron ko yana wanka a rafi, ko ya taɓa ganin jini a fitsarinsa. Ba allura, ba sabon magani. Wannan ne ma ya sa irin wannan bincike ya fi saurin zamewa, domin kowa yana ganin fitsari ne kawai.

Tambayar farko da sashen yarda zai amsa ita ce: wa ke da ikon cewa to? Ɗalibar za ta je wurin sakataren ilimi, ta je wurin mai gari, ta gaida shugaban makaranta, kuma dole ta yi hakan, domin baƙon da ya tsallake mai gari ba ya daɗewa a gari. Amma abin da waɗannan suka ba ta izinin shiga ne. Ba ɗayansu da zai yarda a madadin uban wani. Yaro, bisa Dokar Haƙƙin Yara ta 2003, shi ne duk wanda bai kai 18 ba, kuma yardar da doka ta sani ta mahaifi ce ko mahaifiya ko waliyyi. Sai ga shi a gidajen wannan yanki yara da yawa suna hannun riƙo, wurin kaka ko gwaggo ko kawu. Akwai waɗanda uban yana can wurin haƙar ma'adinai ko ya tafi ci-rani, uwar kuma ta ce ba za ta yanke magana ba sai ya dawo. Idan binciken ya taɓa makarantar allo, akwai almajirin da iyayensa suke wata jiha, malaminsa ne kaɗai a kusa. Sashen yarda mai kyau yana faɗa wa kwamiti tun kafin a fita: idan an tarar da yaron riƙo, ga wanda za a tambaya, idan uwa ta nemi a jira mijinta, za a jira kwana kaza ko a kira shi a waya a gaban shaida, idan ba a samu kowa ba, yaron ba zai shiga ba. Wannan na ƙarshe shi ne mai ciwo ga ɗalibi mai neman cika adadi, shi ya sa ya kamata ya kasance a rubuce tun farko, kafin matsin lokaci ya zo.

Tambaya ta biyu ita ce harshe. Yawancin takardun yarda da Turanci ake rubuta su, domin da shi kwamiti ke karatu, sai a ƙara layi ɗaya cewa za a fassara wa wanda bai ji ba. Wa zai fassara? Galibi wani saurayi ne da aka ɗauko da safe. Shi zai taƙaita shafi huɗu a jimla ɗaya: likitoci ne suka zo duba yara, ku kawo hannu. Agwada kuwa ƙasar Afo ce. Hausa ita ce harshen kasuwa da hulɗa, amma tsohuwar da ke riƙon jikanta tana iya cinikin doya da Hausa ba tare da ta iya bin dogon bayani a kan haɗari da 'yancin ƙi ba. Ga kuma Fulani a rugage da sauran maƙwabta. Don haka abin da kwamiti ya kamata ya gani shi ne ainihin kalmomin da za a furta, a Hausa da kuma harshen Afo. Mutum ɗaya ya fassara, wani daban da bai ga na asali ba ya mayar da fassarar zuwa Turanci, a gwama biyun a ga abin da ya zube a hanya. Daga nan a gwada karanta wa iyaye biyar ko shida a wani ƙauye da ba ya cikin binciken, a lura da inda suka yi shiru ko suka kalli juna. Kuma kada a manta, akwai dattijon da za a rubuta cewa ba ya karatu alhali yana karanta ajami tsaf. In an ba shi shafi ɗaya da ajami, ya karanta da kansa, ya sa hannu da kansa.

Ga kwatancin abin da mai bayani zai ce wa uwa a Agwada:

"Sunana wance, ɗaliba ce ni, ba likitar asibitinku ba. Ina binciken yawan yaran da ke da tsargiya a garin nan, kuma da shi zan samu digirina. In kin yarda, ɗanki zai ba mu fitsari a kwalba sau ɗaya, mu yi masa tambayoyi na minti goma. Ba za mu ɗebi jini ba, ba za mu yi masa allura ba. In mun ga cutar, ke za mu gaya wa, ba malaminsa ba, kuma ma'aikacin lafiya zai ba shi magani kyauta. Fitsarin da ya rage za a zubar a ranar. In kin ce a'a, ba abin da zai taɓa karatunsa, ba abin da zai hana ku magani a asibiti. In kin yarda yau, gobe kika canza shawara, ki faɗa, za mu cire sunansa."

Bai kai minti biyu ba, amma duk abin da uwa ke bukata don ta yanke shawara yana ciki. A lura da jimlar farko. Mutumin ƙauye in ya ga farar riga da akwatin kwalabe, abin da zai ɗauka shi ne taimako ya zo, kuma ba ya son ɗansa ya rasa. A kan wannan zaton ne iyayen Kano suka ce sun miƙa 'ya'yansu. Sai an faɗa ƙarara cewa bincike ne, kuma mai binciken ma tana da abin da za ta samu, sannan mutum zai gane cewa ana neman alfarmarsa ne, yana da damar hanawa.

Alkawarin magani kuma ba a yin sa da baki kawai. Maganin tsargiya firazikwantel ne, miligiram 40 ga kowane kilo na nauyin yaro, ana sha bayan an ci abinci domin yakan sa jiri ko ciwon ciki. Sashen ɗa'a ya faɗi daga ina maganin zai fito, wa zai auna yaron ya ba shi, wa za a kira in ya yi amai da dare. Binciken da ya gano yara masu fitsarin jini ya rubuta su a jadawali ya koma gari ba tare da ya waiwaye su ba, bai kamata ya tsallake teburin kwamiti ba.

Bayan bayani sai tabbatar da fahimta, kuma nan ne mafi yawan rubuce-rubuce suka yi shiru. In aka tambayi mutum ko ya gane, kunya da ladabi za su sa ya ce e. Sai dai a roƙe shi ya maimaita da bakinsa. Me za a ɗauka daga jikin ɗanki? In kin ƙi, me zai faru da shi a makaranta? Wa za a gaya wa sakamako? In uwa ta ce ai in ta ƙi za a kore shi, to ba ta gane ba, a sake bayani. In an sake har sau biyu ba ta kama ba, a bar ta, a gode mata. Tambayoyin nan uku da amsoshin da ake karɓa su shiga takardar da za a kai wa kwamiti.

Sai dangwale da shaida. Ƙa'idar gwajin magunguna ta duniya ta ce idan mutum ba ya karatu, dole a samu shaida mai zaman kansa da zai zauna tun daga farkon bayani har ƙarshe, sannan ya sa hannu cewa abin da ke takarda shi aka faɗa, kuma mutumin ya yarda ba tilas. Kowa a Agwada ya san wannan daga cinikin gona: ba wanda zai yarda a ce yaron mai saye ne kaɗai shaidan cinikin. To haka nan mataimakin mai bincike ba ya zama shaida, malamin ajin yaron ma bai dace ba, domin uwa ba za ta iya musa masa ba. Mafi kyau uwar ta zaɓi nata, ɗanta babba da ya yi sakandare, ko maƙwabciya, ko wani daga masallaci ko coci. A yi takarda biyu, ɗaya ta zauna a gidan. Wani zai ce me za ta yi da takardar da ba ta iya karantawa? Za ta ajiye ta a ƙasan akwati, ranar da magana ta taso ta ɗauko ta kai wa wanda ya iya. Iyalan Kano sun rasa irin wannan takarda a lokacin da suka fi bukatarta.

Akwai kuma wanda zai yarda da komai amma ya ƙi dangwale, domin ya taɓa jin an dangwala wa wani takarda gonarsa ta tafi. Tsoronsa yana da tushe. Ga irinsa kundin ƙasa ya buɗe ƙofar naɗar murya a gaban shaida, amma sai an nemi wannan dama daga kwamiti tun farko, an kuma faɗi inda za a ajiye muryoyin da wanda zai iya sauraronsu.

Duk wannan na iyaye ne. Shi yaron fa? Ƙa'idar ƙasa ta ce daga shekara 12 zuwa ƙasa da 18 sai an nemi yardar yaron shi ma, bayan ta iyayensa. Na ƙasa da haka a yi masa bayani daidai hankalinsa, in ya ƙi kuma a ƙyale shi, tunda wannan bincike ba ceton rai ba ne. Yaron da aka yi wa tarbiyyar kada ya musa wa babba ba zai ce a'a da baki ba. Zai sunkuyar da kai, ko ya ɓoye kwalbar a bayansa, ko ya fashe da kuka, ko ya ce fitsarin ya ƙi zuwa. Mai rubuta sashen ya faɗa cewa duk waɗannan ƙi ne, kuma malami mai bulala ba zai tsaya a wurin ba.

A nan akwai abin da takardu ba su cika hangowa ba, sai wanda ya tsaya a filin makaranta. Kwalbar fitsari fara ce, ana ganin cikinta. Yaron da nasa ya fito ja zai ratsa tsakiyar 'yan ajinsu da ita a hannu, kafin a tashi an laƙaba masa suna. Yarinya 'yar shekara 13 da ke al'ada za ta tsaya tana rarraba ido, ba ta san wa za ta gaya wa ba, kuma in ba a tambaye ta a keɓe ba, jinin zai shiga lissafi a matsayin alamar tsargiya, sakamakon ma ya gurɓace. Maganin abin ba shi da tsada: baƙar leda ga kowace kwalba, lamba a jiki maimakon suna, mace ta karɓi na 'yan mata a gefe guda. In sashen sirri bai ambaci irin wannan ba, ya tsaya kawai ga cewa za a adana bayanai a na'ura mai kalmar sirri, to bai san inda asirin yaro ke tonuwa ba.

Batun kyauta gajere ne. Sabulu ko littafin rubutu ba laifi, amma a ba duk 'yan ajin, wanda ya shiga da wanda bai shiga ba. In sai mai kwalba ne zai samu, yaron da uwarsa ta ƙi zai koma gida yana kuka har ta sauya magana.

In an yi duk wannan, sakin layin da zai fito a rahoto zai zama kamar haka: kwamiti kaza ya amince da binciken ranar kaza, da lamba kaza, an fara aiki ranar kaza bayan haka. An yi wa iyaye 340 bayani a gidajensu, 212 da Hausa, 128 da harshen Afo. Daga ciki 31 sun ƙi, 9 ba su iya maimaita bayanin ba aka bar su. Cikin 300 da suka yarda, 187 sun dangwala a gaban shaidan da suka zaɓa, 14 an naɗi muryarsu, sauran sun sa hannu. Yara 11 sun ƙi duk da yardar iyayensu, ba a tilasta musu ba. Alƙaluman na misali ne, amma siffar ke nan. Duk wanda ya karanta zai iya bin sawu.

Ta wannan siffa ce kuma ake gane inda aka yi ha'inci. Rahoton da ya ce an tambayi mutum 300, duka 300 sun yarda, abin a tsaya a duba ne, domin ba garin da ba a samun mai cewa a'a in har an ba shi dama. Takardun da aka ba yara su kai gida, suka dawo washegari duk da tawada iri ɗaya, yatsu masu girma ɗaya, galibi a ofis ɗaya aka dangwala su. In shaida ɗaya ya sa hannu a takarda 80 rana guda, a lissafa: ko minti goma aka ba kowace uwa, ya zauna sama da awa 13 ke nan. Sai kuma kwanan wata, wanda shi ya tona asirin wasiƙar Kano. In ranar karɓar fitsari ta riga ranar izini, ba a nemi izini ba, an nemi hatimi ne bayan an gama.

Ba duk mai yin haka ne mugu ba. Ɗalibi ne da kuɗinsa ya ƙare, makarantu sun kusa hutu, mai duba aikinsa yana matsa masa, ba wanda ya taɓa nuna masa yadda ake yi. Shi ya sa roƙon da ke tafe ya fi karkata ga sauƙaƙa hanyar gaskiya.

Ranka ya daɗe, abu mafi girma da ofishinka zai iya yi shi ne ya sa kwamitocin ɗa'a da ke aiki a jihar nan su daina karɓar takardar yarda ta Turanci ita kaɗai, idan binciken na ƙauye ne. A nemi bayanin baki a rubuce da harshen wurin, tare da muryar wanda zai yi bayanin, an naɗa a waya, minti biyu ko uku. Kundin ƙasa ya riga ya tanadi kujerar mutumin gari, wanda ba masanin kimiyya ba, a kowane kwamiti. A ba wannan kujera ga wanda ke jin harsunan jihar, a saurari muryar tare da shi, shi zai faɗa in bayanin ya yi nauyi ko ya ɓoye wani abu. Ma'aikatar kuma tana iya shirya samfurin bayani ɗaya da Hausa, da fassararsa a harsunan Afo, Eggon, Mada, Gwandara, Alago da Fulatanci, ta ba ɗalibai kyauta su gyara daidai bincikensu. Aikin 'yan makonni ne, zai kuma rage wa ɗaruruwan ɗalibai dalilin yin kwaskwarima.

A buɗe rajistar izini da kowa zai iya gani, mai lamba bi da bi da kwanan wata, ta yadda ba za a iya cusa takarda a tsakiya daga baya ba. A kafa doka cewa ba a ba da izini ga aikin da aka riga aka gama, a kuma saka wa ɗalibai da saurin amsa ga binciken da haɗarinsa kaɗan ne, don kada jira ya tura su ga hanyar baya. Lambar wayar da ke ƙasan takardar yarda ta zama ta kwamiti, ban da ta mai binciken, kuma wanda zai ɗaga ya iya Hausa.

Na ƙarshe shi ne kwamiti ya riƙa taka ƙasa. Ko sau ɗaya a zango, a zaɓi bincike ɗaya da aka amince da shi, a ɗauki mota daga Lafiya ko Keffi a zo Agwada da takardun yarda goma da aka zaro ba zaɓe. A nemi gidajen, a yi sallama, a tambayi uwar yaro abin da aka gaya mata, wa ke zaune lokacin, ko an bar mata tata takardar, ko an dawo mata da sakamakon ɗanta. Abin da ta faɗa a rubuta shi a fayil ɗin binciken, a gefen takardar izini.

Allah ya yi jagora.

Da girmamawa,
Wani mai bibiyar harkokin binciken lafiya,
Agwada, Jihar Nasarawa.